Furotin Ba Shi Ne Alamar Kashe Makamashi Ba

“Ashe ba duk abin da furotin ya shigar cikin tantanin halitta ne ke cin makamashi ba?”

Zaton yana da dalili, tunda iskar oksijin tana ratsa fatar tantani da kanta, ba furotin, ba makamashi. Sai dai gulukos ma, da furotin GLUT1 ke shigarwa cikin jajayen ƙwayoyin jini, daga inda ya yi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma ba a kashe ko ɗaya na ATP, sinadarin da ke ba tantani makamashi. Furotin ƙofa kawai ya buɗe masa.

Abin dubawa shi ne alkibla. Famfon sodiyam da fotasiyam, wanda shi ma furotin ne a fatar tantani, yana fitar da sodiyam 3, ya shigar da fotasiyam 2, kowanne zuwa inda ya riga ya fi yawa, shi ya sa kowane zagaye ke cin ATP 1.