Saki a layi biyu, shaidarsa wata huɗu

A 2019 aka sake ni. Mijina na lokacin ya yagi falle ɗaya daga littafin makarantar ɗanmu ya rubuta: "Na saki Hauwa saki ɗaya." Ya sa hannu, ya ba ƙaninsa ya kawo gidanmu a Tudun Wada. Ba sunan mahaifina, ba kwanan wata, ba shaida ko ɗaya. A addini sakin ya tabbata. Na yi idda, tsarki uku, bai mayar da ni ba. A 2023 na sake aure, kuma babu wanda ya nemi takarda, domin Baffa ne waliyyina, unguwa kuma ta san zawarcina.

Sai maigidana ya sami karatu a waje, na zauna cike fom ɗin biza. Fom ya tambayi auren baya: yaushe aka ɗaura, yaushe ya mutu, ina shaidar. Fallen littafi ba shaida ba ce a wurinsu, takardar kotu mai hatimi suke so.

Na je wata kotun shari'a a nan Kaduna. Magatakarda ya juya takardar ya ce, "Hajiya, Hauwa nawa ce a garin nan?" Gaskiya ya faɗa, amma ni na rubuta? Aka ce in shigar da ƙarar tabbatar da saki, a kai wa tsohon mijin sammaci ya zo ya amsa cewa rubutunsa ne, ko in kawo shaidu. Wato mutumin da ya sallame ni a minti biyu, shi zan riƙa bi bayan shekara biyar. Zama biyu bai zo ba. Ni ke biyan kuɗin kai sammaci, ni ke barin shagona, ni ke zama a benci tun safe ana kallona. Sai da Baffa ya taka har wurin yayan tsohon mijin a Rigasa kafin ya bayyana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar da aka miƙo mini. Kwanan wata ɗaya ne a jikinta, ranar zaman kotu a 2024. Takardar aurena na biyu kuma 2023 take ɗauke da ita. Duk wanda ya jera su biyun zai karanta cewa na yi aure a kan aure! Ni da na yi shekara huɗu a ɗakin mahaifiyata. Da na nuna, sai aka ce, "Ai kowa ya gane." Jami'in biza bai san Tudun Wada ba, takarda kawai yake karantawa. Sai da na koma gaban alƙali aka rubuta a fili cewa sakin ya auku a 2019, kotu tabbatarwa kawai ta yi. Don Allah duk mai karɓar irin wannan takarda ta duba ranakun nan biyu kafin ta bar harabar kotu, ta kuma nemi kwafin hukuncin mai hatimi.

Ga kuma suna. Mu ba al'adarmu ba ce mace ta ɗauki sunan miji, amma lokacin fasfona na farko aka ce ya fi sauƙi, na yarda. Ashe takardar saki ba ta mayar wa mace sunan mahaifinta. Aiki ne daban: takardar rantsuwa a Babbar Kotu, sanarwa a jarida, gyaran NIN, sannan banki saboda BVN, sannan sabon fasfo, domin sai sunan ya dace da na NIN ake yin sa. Ko'ina da kuɗinsa da layinsa. Mai buga takardar rantsuwa ya rubuta Hauwau, takardar makarantata Hauwa'u, ta kotu Hauwa, sai da na sake rantsuwa cewa duk ni ce. Tsohon sunan ma ba ya gogewa, fom yana tambayar sunayen da aka taɓa amfani da su, dole in rubuta shi.

Maƙwabciyata da ta yi auren rajista ta sha wuya a Babbar Kotu, ta jira wata uku bayan hukuncin farko kafin ya zama na ƙarshe, amma ta fito da takarda ɗaya da ake karɓa ko'ina. Me zai hana a wajabta wa duk wanda ya yi saki ya kai wa kotu a rubuta a ranar, da cikakken sunan matar? Wata huɗu na yi a kan wannan, maigida ya tafi shi kaɗai, har yau sabon fasfona bai fito ba.