Idan aktin ɗinka ya fito daidai wa daida a kowane layi, ni ban yarda da shi ba tukuna

Na san wasu abokan aikina za su ce na cika tsanani, amma bari in faɗa. Yawancin hotunan westan bulot, wato gwajin gano furotin a cikin samfur, da ake nuna mana a taron lab, waɗanda ake jera baƙaƙen zanen furotin ɗin beta-aktin a ƙasansu, kowanne kauri ɗaya kamar an buga da hatimi, ba su tabbatar da cewa an zuba furotin daidai a kowane ramin jel ba. Sau da yawa abin da suke nunawa kawai shi ne siginar ta ƙoshi, ta kai inda ba ta iya ƙaruwa.

Ga abin da ya sa na daina yarda da su. Wata ɗaliba da muke aiki tare tana duba HK2, furotin mai nauyin kusan kilodalton 100, a sel ɗin da ta ajiye cikin iskar oksijin kashi 1 cikin 100, tana kwatanta su da waɗanda suka zauna a iskar da aka saba. Da farko zanen HK2 da ƙyar ake ganinsa. Sai ta yi abin da kowa ke yi, ta ƙara lodi daga mikrogiram 15 zuwa 40 a kowane rami. Zanen ya fito. Da ta auna a manhajar ImageJ, HK2 na sel masu ƙarancin oksijin ya ninka na sauran sau 1.6. To amma GAPDH, wanda ta ɗauka a matsayin lodin kwantirol, wato furotin ɗin da ake sa ran ba ya canzawa, shi ma ya tashi sau 1.4. Raba 1.6 da 1.4, ka samu 1.14, kamar babu abin da ya faru.

Ta zo ta same ni ranta a ɓace ta ce, "Malam, hannuna ne, na fi zuba wa ramukan nan." Na ce mata ta dakata da zargin hannunta. GAPDH da HK2 ai 'yan gida ɗaya ne, dukansu suna aikin ƙona sukari a cikin sel, kuma idan oksijin ya yi ƙaranci furotin ɗin HIF-1 yana ɗaga su tare. Wanda ya auna HK2 da GAPDH a irin wannan gwaji ya ɗauko ma'aunin da ke miƙewa tare da abin da ake aunawa ne.

Ta koma kan beta-aktin. Wannan karon zanen ya fito sumul, babu wanda ya fi wani, lissafi ya ba da 1.6, ta yi murna. Ni kuma a nan hankalina ya ƙi kwanciya, domin na ga ruwan sel ɗin da take zubawa. Ba ta farfasa DNA ɗin da ke ciki ba, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, yana bin bakin fifet. Mai zuba irin wannan ba zai samu ramuka shida daidai wa daida ba, komai ƙwarewarsa.

Gwajin da ya raba gardamar jel ɗaya ne kawai. Muka ɗauki samfur guda muka zuba mikrogiram 2.5, 5, 10, 20 da 40 a jere. Idan ma'auni na gaskiya ne, duk lokacin da ka ninka lodi siginar ma ta ninka. Aktin ya bi wannan ƙa'ida daga 2.5 zuwa 5, ya ɗan yi ƙoƙari zuwa 10, daga nan ya kwanta. Zanen 20 da na 40 kusan ba ka bambance su, sai dai na 40 ya fi faɗi. Ke nan a lodin da take aiki da shi, ko rabin furotin ta zuba a wani rami, aktin zai ce lafiya lau. HK2 kuwa, da yake kaɗan ne a cikin sel, ya ci gaba da hawa har 40.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aktin na cikin furotin mafi yawa a sel. Idan ka tara shi a siririn wuri guda, mambiren, wato takardar da ake kwashe furotin daga jel zuwa kanta, ba ta iya riƙe shi duka, antibodin da ke gano shi ba ya samun wurin kama kowanne, sinadarin ECL da ke ba da haske yana ƙarewa a daidai wurin, kuma fim ko kyamara suna da iyakar abin da suke iya ɗauka. Hoto mai bit 16 ba ya wuce 65,535, komai hasken da ya zo. Wani lokaci ma za ka ga tsakiyar zanen ya yi fari, gefensa baƙi, alamar sinadarin ya ƙone. Matsalar ita ce mun ƙara lodi ne saboda furotin mai rauni, muka manta cewa mai ƙarfin da ke kan mambiren ɗaya ya riga ya wuce gona da iri.

Abin da nake so a koma wa shi ne rina dukan furotin ɗin da ke kan mambiren. Mafi arha shi ne jan rinin nan na Ponso, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta Ponceau S: kashi 0.1 cikin 100 a ruwan asid na asetik kashi 5. Da zarar an gama kwashe furotin daga jel zuwa mambiren, a tsoma ta minti biyar, a ɗauraye da ruwa har bayan ya yi haske, a ɗauki hoto nan take, sannan a wanke da ruwan wanki na TBST a ci gaba. Dole a yi shi kafin a sa madarar da ake toshe mambiren da ita, don madara ita ma furotin ce, komai zai koma ja. Sai a auna layin gaba ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Da muka sake gwajin ɗalibar haka, layukan ƙarancin oksijin suka nuna 0.8 na sauran. Ashe ba ta fi zuba musu ba, ragi ma ta yi. Raba 1.6 da 0.8, ka samu 2.0. Samfur ɗaya ya ba mu amsa uku, 1.14 da 1.6 da 2.0, gwargwadon abin da muka raba da shi.

Akwai wata ribar. GAPDH kilodalton 37 ne, aktin 42. Ƙananan furotin suna saurin barin jel, manya suna jan ƙafa, don haka kyan zane a 42 bai gaya maka komai game da abin da ya faru a 100 ba. Ponso zai nuna maka idan saman mambiren ya fito fayau, ko kumfar iska ta bar farin da'ira a daidai inda kake nema, tun kafin ka ɓata antibodin da aka yi wata biyu ana jiran isowarsa. Siginar da ake cewa ta yi rauni, sau da yawa a nan ake gano cewa furotin ɗin bai ma iso ba.

Ban ce Ponso ba shi da aibi ba. Idan lodin ƙarami ne ƙwarai da ƙyar yake nunawa, yana saurin kodewa, kuma ya fi fitowa a mambiren ta naitiroselulos fiye da ta PVDF. Shi ma sai an yi masa wancan gwajin ninkin kafin a dogara da shi. Wanda kuma mai duba takardar bincikensa ya nace sai ya ga aktin, to ya ba shi, amma daga mambiren ɗin da aka samo sakamakon, ba daga wani jel da aka yi washegari ba, kuma a lodin da ya tabbatar siginar tana hawa.

Ɗalibar yanzu tana farfasa ruwan sel ɗinta da na'urar sonikata kafin ta auna furotin, ta sauko da lodi zuwa mikrogiram 20, tana barin antibodin HK2 ya kwana a digiri 4. Maimaici uku da ta yi bayan nan sun faɗa tsakanin 1.9 da 2.2, kuma hoton Ponso na kowanne yana liƙe a littafinta kusa da na ECL.