Ofshin ba kafin alƙalami ba ne, a daina ruɗar samarinmu

Ranar Alhamis da ta wuce, a rumfar mai shayi a kasuwar Maigatari, wani yaro ya miƙo mini wayarsa. Ya sayar da ragonsa ya biya kuɗin ajin koyon kasuwancin ofshin a WhatsApp. "Baba, ai kafin alƙalami ne kawai," in ji shi, "malaminmu ya ce asarar ba ta da yawa." Wannan maganar ce ta hana ni barci, domin ita masu ajin nan suke ta yayatawa a ƙauyukanmu, kuma ƙarya ce.

Duk wanda ya taɓa sayen gona ko sa ya san kafin alƙalami. Ka ba da wani abu, ranar cikawa a cire shi daga kuɗin kaya. Ofshin ba haka yake ba. Abin da kake saya haƙƙi ne na ɗan lokaci na saye ko sayar da kaya a farashin da aka yanke, kuɗin da ka biya kuwa ba a lissafa shi cikin farashin kayan. Ya tafi ke nan, ko ka saya ko ka fasa.

A allon wayar yaron akwai kalmomi huɗu. Call shi ne haƙƙin saye, Put haƙƙin sayarwa. Strike farashin da aka yanke tun yau, Premium kuma kuɗin da ka biya don a ba ka haƙƙin. Akwai kuma ranar ƙarewar wa'adi, wadda malamin nasu bai cika ambata ba.

Mu buga lissafin da riɗi. A ce yau buhu naira 100,000 ne. Ka ba wani dillali 6,000 a kan cewa nan da wata uku kana da damar sayen buhu a hannunsa a 100,000, in ka ga dama. Idan riɗi ya kai 120,000, ka karɓa a 100,000 ka sayar, ka cire 6,000 ɗinka, ribarka 14,000. Nan masu aji suke tsayawa, su ɗauki hoton allo su tura wa ɗalibai.

To, idan ya tsaya a 104,000 fa? Ka yi hasashe daidai, riɗi ya tashi, amma 4,000 ka samu a kan 6,000 da ka kashe. Ka faɗi da 2,000. Sai farashi ya wuce 106,000 kafin ka fara cin ko sisi. In kuwa ya zauna a 100,000 ko ya sauka, dukkan 6,000 ɗin ta tafi, ba ka da ko tiya ɗaya ta riɗi da za ka ajiye ka jira kasuwa. Mai buhu a ɗaka yana iya haƙuri har baɗi. Mai ofshin kuwa kullum gari ya waye darajar haƙƙinsa tana narkewa kamar ƙanƙara a watan azumin bazara, musamman in wa'adi ya matso. "Asara kaɗan" ɗin da ake faɗa, a bakin yaron da ya zuba kuɗin ragonsa gaba ɗaya, ita ce asarar ragon gaba ɗaya.

Haƙƙin sayarwa juyin wancan ne, kuma ya fi kama da buƙatar manomi. Ya biya 5,000 don ya iya sayar da buhu a 100,000 lokacin kaka. Farashi ya faɗi zuwa 80,000, shi ya tashi da 95,000. Amma wannan kariya ce ga mai riɗi a gona, ba ga mai waya da data kaɗai ba. Wanda ya karɓi kuɗin kuma ya ɗaure kansa, dole ya saya a 100,000 ko da kasuwa ta rushe.

Za a ce ai a Amurka ana yi tun da aka buɗe kasuwar ofshin ta Chicago a 1973. Ana yi, ƙarƙashin doka da hukumar da ke tabbatar da kowa ya cika alkawari, ba a manhajar da ba ka san ƙofar ofishinta ba. Da yawan abin da ake nuna wa yaranmu ma ba ofshin na gaske ba ne, wasan "zai hau ko zai sauka cikin minti biyar" ne, wanda Tarayyar Turai ta hana sayar wa ƙananan masu zuba jari tun 2018.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake fakewa da kafin alƙalami don a halatta abin. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta raba su tuntuni: a zamanta na Jidda a 1992 ta ce kwangilar ofshin ba ta halatta ba, a 1993 kuma ta yarda da cinikin kafin alƙalami bisa sharaɗin a yanka wa'adi. Masu aji ko dai ba su sani ba, ko sun sani suna ɓoyewa.

Ya kamata limamanmu da masu unguwanni su fara tambayar masu buɗe ajin nan, hukumar kula da hannayen jari kuma ta leƙo karkara. Yaron Maigatari dai na sa shi ya buɗe shafin cinikinsa, muka duba tare: wa'adin haƙƙin da ya saya saura kwana huɗu, farashi kuma bai ko kusanci inda zai mayar da kuɗinsa ba.