Kuɗina, wayata, amma manhajar banki ta ƙi buɗewa

Jiya da daddare ƙanwata ta kira ni tana buƙatar kuɗi cikin gaggawa. Na buɗe manhajar bankina, sai ta jefo mini layi ɗaya da Turanci, wai in kashe Developer options, ta rufe kanta. Na sake buɗewa, ta sake rufewa. Haba! Kwana uku da suka wuce lafiya lau take aiki, sabuntawa kawai na yi mata.

Ni na kunna abin da hannuna tun bara. A wayar Android, idan ka shiga About phone ka danna Build number sau 7, wani ɓoyayyen sashe na masu ƙirƙirar manhaja yana fitowa, shi ne Developer options ɗin. Na shiga ne don in rage Window animation scale zuwa 0.5x saboda wayar ta fara nauyi, shi ke nan laifina. Abin da bankin ke tsoro a sashen shi ne USB debugging, wanda ke ba kwamfutar da aka jona da kebul damar sa manhaja a wayar, ɗaukar hoton allo, har da danna maɓallai a madadinka. Tsoron yana da tushe, ban musa ba. Amma Android yana ajiye waɗannan biyun daban, manhaja za ta iya tambayar ko USB debugging a kunne yake ba tare da ta hukunta duk wanda ya buɗe sashen ba. Nawa a kashe yake. Sun dai zaɓi hanya mai sauƙi gare su, suka yi mana kuɗin goro.

To, na bi Settings, System, Developer options, na kashe makunnin da ke can sama. Manhajar ta buɗe. Na sa lambar asusu, na sa adadin kuɗi, na zo wurin tabbatarwa, sai maɓallin ya ƙi dannuwa. Ga shi ina kallonsa ƙuru-ƙuru, ina dannawa kamar mai danna bango. A nan ne raina ya ɓaci da gaske, domin wannan karon ko saƙo babu. Sai da na fita na dawo sau biyu kafin ta ce wai akwai screen overlay.

Abin da ake nufi shi ne wata manhaja tana zana abu a saman allon da kake kallo. Ɓarayi suna amfani da wannan dabara: su ɗora shafin bogi mai kama da na banki ka rubuta lambar sirrinka a ciki, ko su rufe maɓallin tura kuɗi da wani hoto ka danna ba ka san me ka amince da shi ba. Shi ya sa Android ke yi wa kowane taɓi alama idan akwai abu a samansa, manhajar banki kuma ta watsar da taɓin. Matsalar ita ce alamar ba ta bambanta ɓarawo da mutumin kirki. 'Yar da'irar manhajar hira mai yawo a gefen allo, maɓallin ɗaukar bidiyon allo, manhajar nuna sunan mai kira, duk sahunsu ɗaya.

Nawa mai laifin ashe manhajar rage hasken allo ce da nake kunnawa da dare saboda idona. Tana shimfiɗa wani launi mai ruwan ɗorawa a kan allon gaba ɗaya, ka saba da shi har ka manta yana nan. Shi ya sa da rana ban taɓa ganin matsalar ba. Na gano ta ne bayan na shiga Apps, Special app access, Display over other apps, wanda a wayoyin Samsung ake kira Appear on top, ina kashe izinin ɗaya bayan ɗaya ina komawa in gwada. Minti arba'in, ƙanwata tana ta kira.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tun Android 12 da ya fito a 2021 manhaja za ta iya umartar wayar ta ɓoye irin waɗannan abubuwa masu yawo muddin tana buɗe. Wayata ta wuce wannan zubin. Ko wannan ya gagare su, ai maɓalli ɗaya da zai kai ni shafin izinin kai tsaye bai gagare su ba. Da safe na kira layin kula da abokan ciniki, wadda ta ɗauka ta ce in goge manhajar in sake saukewa. Na ce mata saitin yana cikin wayar ne, ko sau goma na sauke haka zai tsaya. Ta ce in yi haƙuri in gwada tukuna.