Mai neman lalle a Nima ba sunanki take bugawa ba

'Yan uwana mata masu lalle da kwalliyar amare a Accra, yau da ku nake. Ina ganin ayyukanku a TikTok da Instagram, hannu ya yi kyau, zane ya fita tsaf, amma in na duba rubutun da ke ƙasan bidiyon sai in tarar da "Masha Allah" da hoton zuciya uku da `#fyp`, shi ke nan. Godiya ga Allah ba ta yawa, ku bar ta a wurin. Sai dai yarinyar da za a ɗaura wa aure ran Lahadi, wadda ke zaune a Maamobi tana neman mai lalle, ba "Masha Allah" za ta buga a wurin bincike ba. Kuma ba ta san sunanki ba balle ta neme shi. Abu biyu za ta buga, aikin da take so da unguwar da take: `henna artist Nima` ko `bridal henna Accra`.

Manhajar tana gwada abin da aka buga ne da kalmomin da ke sunan shafinki da rubutun ƙasan bidiyo, a TikTok har da wanda kika ɗora kan hoton. In babu kalmar aikin, babu sunan unguwa, me zai sa ta kawo ki? Ga irin abin da nake so in gani a layin farko:

```
Bridal henna (lalle) in Nima, Accra.
Home service: Maamobi, Kanda, Newtown.
```

Addu'a da gaisuwa su biyo baya. Na san wata za ta ce don me da Turanci. To, a Accra muke. Yaranmu da Hausa suke hira, amma yawancinsu da Turanci suke buga bincike, ga kuma 'yan Ga da Asante da ke son lalle yanzu. Sa duka biyun, ba ki rage komai ba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne sunan wurin. Wata za ta rubuta "Zongo" ta ga kamar ta gama bayani. Wane Zongon? Akwai Sabon Zongo, akwai na Madina, akwai na Kumasi, kusan kowane gari a Ghana da nasa. Wata kuma "Ghana" kawai take sawa, sai 'yar Tamale ta yi ta yaba mata, alhali ba za ta taɓa zuwa ba. 'Yan Madina ma tasu matsalar daban ce, domin in ka buga sunan shi kaɗai, mai yiwuwa hotunan Masallacin Annabi (SAW) da masu Umara su cika maka waya. Dole a haɗa shi da gari, `Madina Accra`. Maamobi kuwa wasu `Mamobi` suke rubutawa, don haka ki sa ɗaya a rubutu, ɗayan a hashtag. Kafin ki zaɓi kalma ma, ki fara buga `henna` a wurin bincike ki tsaya, ki ga abin da manhajar ke ƙarasa miki. Waɗannan su ne irin abin da mutane ke nema.

A Instagram akwai gurbin `Name`, daban da `Username`, kuma bincike yana karanta shi. Maimakon laƙabinki kaɗai, ki ƙara `Henna Nima Accra` a gabansa. Ki kuma rabu da haruffan nan masu lanƙwasa da ake kwafowa don ado. A ido suna da kyau, amma ba haruffan da mutane ke bugawa ba ne, sau da yawa bincike ba ya haɗa su. In shafinki a kulle yake kuwa, duk wannan wahalar banza ce, haka ma sitatus ɗin WhatsApp, wanda masu lambarki kaɗai ke gani.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne jera unguwanni goma sha don kawai a fito. Kina Nima kin rubuta Kasoa da Tema da Ashaiman. Ran da 'yar Kasoa ta kira, za ki shiga trotro ki sha cunkoson hanyar nan saboda lallen mutum ɗaya? In kin ce ba ki zuwa, ta ɗauke ki maƙaryaciya, ta kuma gaya wa ƙawayenta. Ki rubuta inda ƙafarki ke kaiwa kawai.

Kada ki gwada da wayarki, ta riga ta san ki, za ta yi miki kara. Ari wayar wadda ba ta bin shafinki, bayan 'yan kwanaki da yin gyaran, ki buga kalmomin nan. In kin fito amma a can ƙasa, kalmomin sun kama, masu yawan kallo ne suka sha gabanki, sai ki ƙara matse wurin, daga `Accra` ki koma `Nima`. In ba ki fito ba sam, koma ki duba yadda kika rubuta sunan unguwar da ko shafin a buɗe yake. Duk wadda ta kira ki kuma, tambaye ta me ta buga har ta same ki, ki sa wannan kalmar a bidiyo na gaba.