Ga mahaddatanmu na bana da iyayensu

'Ya'yana, Allah Ya yi muku albarka. An yi walima, an sha addu'a, yanzu ku ba ni aron kunnuwanku, don akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: barin tilawa bayan an sauke.

Kwanan baya, bayan Isha'i a masallacin unguwarmu a nan Makka, na ce wa wani mahaddacinmu na bara ya ja mini Baƙara. Yana kaiwa aya ta 58, inda aka ce "wadkhulul baba sujjadan wa ƙulu hiɗɗatun", sai ya gabatar da "wa ƙulu hiɗɗatun". Wannan jerin na A'arafi ne, aya ta 161. Daga nan ya zarce cikin A'arafi abinsa, da murya mai daɗi, bai ma san ya bar Baƙara ba. Wallahi na ji ciwo. Wanda ya kakare ya san ya kakare, zai koma ya duba. Wanda yake tsallakawa daga sura zuwa mai kama da ita bai ji a jikinsa ba, shi ne haddarsa ta fara zubewa.

Ai kun san hadisin Abu Musa a Buhari da Muslim, cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Ga lissafi. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, izu ɗaya kusan shafi 10. Izu biyu a rana, wato shafi 4 bayan kowace salla, za ku zagaye shi a wata. Ƙasa da haka ban yarda ba. Kuma da ka nake nufi, mus'hafi a rufe! Karatu da dubawa akwai lada, amma ba ya nuna maka inda ka yi rauni. Daga Nasi muka faro, don haka Baƙara da Ali Imrana da Nisa'i su ne ɗanyu, ku fi ba su ƙarfi. Kada kuma ku sauya bugun da kuka yi hadda da shi, domin ido ya riga ya riƙe mazaunin kowace aya a shafi.

Iyaye, ku ma da ku nake. Har an fara ce mini "ai ya gama, Malam, zai kama aiki a shago". Ya kama, amma wa zai saurare shi? Baba, Mama, ba sai kun haddace ba. Ku buɗe mus'hafin bayan Asuba, ku bi da yatsa, yaro ya ja izu ɗaya. Inda ya yi tuntuɓe ku sa alama da fensir, ya kawo mini ita ranar Asabar.

Don Allah kada ku bari sai Ramadan ya gabato. Gobe da Asuba a fara da Baƙara.