A fara da amshi, a bar majigi da kiɗa sai daga baya

A yawancin majami'un da nake gani a nan Ingila, hanyar shigo da sabuwar waƙa ɗaya ce: a haska kalmomin da majigi, masu jita da piyano su rera ta daga farko zuwa ƙarshe, a ce jama'a su bi. Idanu na kan allo, baki na motsi, amma in aka kashe majigi waƙar ta tafi. A Kaduna kuwa, ko a Sabon Tasha ko Narayi ko Kakuri, mace ɗaya daga Zumuntar Mata za ta tsaya ba takarda a hannu, ta bayar, a amsa mata, kafin mako uku har yara na rera waƙar a hanyar gida. Ni a ganina hanyar Kaduna ta fi, kuma dalilin yana cikin tsarin koyarwar.

A ɗauki waƙa mai amshi layi biyu da baiti uku, kowane baiti layi huɗu. Zama uku na minti goma-goma sun isa, misali Lahadi kafin sujada, Laraba wajen addu'a, sai Lahadi mai zuwa.

Zaman farko na amshi ne kaɗai. Mai koyarwa ta rera waƙar duka sau ɗaya jama'a na sauraro, don kunne ya san inda aka dosa. Daga nan ta faɗi kalmomin amshin da baki tana tafi, ba tare da karin waƙar ba, su maimaita. Sai ta rera layin farko, su amsa, sau uku. Layi na biyu ma haka. Sannan a haɗa su. Wajen haɗin nan ake yawan tuntuɓe, domin mutane sun iya kowane layi amma ba su san inda za su ja numfashi tsakaninsu ba, sai su shiga layi na biyu a makare. Maganinsa a ɗauko ƙarshen layin farko da farkon na biyu a maimaita su kaɗai. Kuma kada mai koyarwa ta rera tare da su lokacin da suke amsawa. Muryarta za ta rufe kuskuren, kuma abin da jama'a suka riƙe a ranar farko, daidai ko ba daidai ba, shi za su yi ta rerawa shekara da shekaru.

Akwai abin da Hausa ta bambanta da Turanci a nan. Kalmominmu suna da hawa da saukar murya, da dogon wasali da gajere. In karin waƙar ya hau a gaɓar da baki ya saba sauka, ko ya ja gajeren wasali, jama'a za su lanƙwasa karin ya bi maganarsu. Wannan ya fi faruwa a waƙoƙin da aka fassaro. In aka gyara wuri ɗaya sau uku suna komawa gidan jiya, a duba kalmar, wataƙila ita ce ke bukatar canji.

Zama na biyu a buɗe shi da gwaji: a ba su muryar farawa kawai, a ji ko amshin ya kwana a kansu. In ya zauna, a koyar da baiti na farko layi-layi, ana komawa amshi. A nan ake gane ko an ɗora waƙar sama da yawa. Alamarsa maza su yi shiru a layin da ya fi hawa, ko su faɗo ƙasa suna gunaguni. Taron jama'a ya fi sakewa tsakanin C na tsakiyar piyano da D na sama, don haka a sauke waƙar daidai muryarsu ko da mai bayarwa tana iya wuce nan.

Sai a zama na uku kiɗa zai shigo, shi ma kuge ko tulu tukuna don riƙe taki, ganga da piyano daga baya. Baiti na biyu da na uku ba sa cin lokaci tunda karinsu ɗaya da na farko. A nan ne takarda ko majigi ke da amfani, kuma a nan na yarda mutanen Ingila sun fi mu, domin waƙa mai baiti biyar ba ta ɓace musu.

Abin da ke damuna shi ne wasu majami'un Kaduna sun fara barin wannan hanya. Ana ƙure lasifika har mai koyarwa ba ta jin kowa sai kanta, 'yan kwaya kuma su shigo da murya huɗu tun ranar farko, mai zama a baya ya rasa wadda zai bi. A zama biyun farko a ajiye makirufo in ɗakin ba babba ba ne, 'yan kwaya su rera murya ɗaya, kuma a rarraba su cikin jama'a, biyu-biyu a kowane benci uku ko huɗu, har bencin ƙarshe.